Yadda tirakshin da ESC suke aiki a mota, da ƴan lokutan da kashe su ke da amfani

Akwai wani maɓalli a mota wanda mutane da yawa har su sayar da motar ba su taɓa danna shi ba, wasu kuma kullum suka tayar da inji shi suke fara dannawa wai don mota ta ƙara ƙarfi. Shi ne mai hoton ƙaramar mota da layuka biyu a karkace a ƙarƙashinta kamar sawun taya a santsi, wani lokacin da OFF a ƙasa. Na daɗe ina tuƙi a hanyoyin yashi da taɓo, na kafe na fita ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, na kuma taya mutane da dama fitar da nasu motocin, to abin da na lura shi ne yawancin wahalar da ake sha daga rashin sanin me maɓallin nan yake kashewa ne da kuma yaushe ya kamata a taɓa shi. Shi zan bi da kai daki-daki.

Kayan da za ka tanada

Littafin motarka shi ne na farko, domin kowane kamfani da yadda ya tsara maɓallin nasa, in babu na takarda ka nemi na shekarar motarka ka sauke a waya. Sai gejin auna iskar taya da ƙaramin famfon iska mai aiki da batirin mota. Sai shebur ko da ƙarami ne, da katako biyu masu ɗan faɗi, in babu katako shimfiɗar roba ta ƙasan mota wadda kake taka ƙafa a kai tana yi, ko rassan itace, ko tsakuwa. Jak da wani falalen katako da za a ɗora shi a kai don kar ya nutse. Igiyar jan mota mai ƙarfi. Sannan in kana son ka iya gano matsala da kanka, sikana ta OBD2, na'urar da ake jonawa a mota don ganin matsalar da kwamfutarta ta gano, ka nemi wadda take karanta ɓangaren ABS, wato tsarin da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki da ƙarfi, don ƙananan nan masu araha yawanci inji kaɗai suke karantawa, za su ce maka babu komai alhali fitila na kunne. Na ƙarshe kuma fili, wani wuri mai tsakuwa ko ƙasa marar mutane marar ramuka inda za ka yi gwaji a hankali.

Mataki na 1: Ka gane sunan da motarka take kiran abin

Abu biyu ne a haɗe a akwati ɗaya. Na farko tirakshin, aikinsa hana tayar da inji ke juyawa ta yi ta wulwulawa a banza lokacin da ka taka totur. Na biyu ESC, aikinsa hana motar gaba ɗaya ta juya ko ta zarce a kwana. Toyota na kiran na farko TRAC ko TRC, na biyu VSC. Honda ta haɗa su a VSA, Nissan VDC, BMW DSC, Mercedes da Peugeot ESP, Volkswagen kuma tana kiran tirakshin ɗin ASR. Suna ne ya bambanta, aikin kusan ɗaya ne, ni dai zan riƙa cewa tirakshin da ESC.

Bosch da Mercedes ne suka fara saka ESP a motar kasuwa a 1995, sai a 1997 wata ƙaramar Mercedes A-Class ta kife a wani gwajin kauce wa abu a hanya da aka yi a Sweden, kamfanin ya mayar da ESP dole a motar, daga nan abin ya bazu. A Amurka ya zama tilas a sababbin ƙananan motoci tun samfurin 2012, a Tarayyar Turai kuma tun Nuwamba 2014. To in motarka an yi ta ne don waɗannan kasuwannin bayan waɗannan shekarun tana da shi, in tsohuwa ce ko ta wata kasuwa daban sai ka duba. Hanyar dubawa mai sauƙi ce, ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod suke kamawa duka ba tare da ka tayar da inji ba, ka nemi hoton motar nan mai layuka a ƙasa. In ya kama na ƴan daƙiƙoƙi ya mutu, akwai shi kuma yana raye.

Mataki na 2: Ka fahimci abin da tirakshin yake yi

A kowace taya huɗun nan akwai sansa ta ABS da take ƙirga saurin juyawar tayar, tana aika wa kwamfuta sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Kwamfutar ba ta ganin hanya, ba ta san ruwa ne ko yashi ko kwalta ba, kwatanta lambobi kawai take yi. A ce motarka mai jan gaba ce, tayoyin baya suna nuna kilomita 10 a awa, tayar gaba ta dama tana nuna 30, to ta san wannan tayar ta rasa riƙo tana juyawa ne a wuri ɗaya.

Hanya biyu take bi ta gyara. Ta farko ta rage wa inji ƙarfi, ta ɗan rufe totur ko da ƙafarka na kai, ko ta jinkirta wutar fulogi, ko ta yanke mai ga wasu silinda, shi ne za ka ji ka taka amma mota ta yi sanyi kamar an riƙe ta ta baya. Ta biyu ta matsa birki a kan tayar da ke wulwulawa ita kaɗai, ta amfani da famfo da bawul-bawul ɗin ABS, shi ne ƙarar gurrr ɗin nan da kake ji daga gaban mota.

Wannan ta biyun ka riƙe ta da kyau don ita ce mutane ba su sani ba. A tsakanin tayoyin da inji ke ja akwai difaransha, wadda ke ba tayoyin biyu damar juyawa da sauri daban-daban a kwana. Matsalarta ita ce ƙarfin murɗawa iri ɗaya take raba musu, kuma ba ya wuce abin da tayar da ta fi rauni za ta iya ɗauka. In taya ɗaya tana cikin taɓo mai santsi ɗayar tana kan busasshiyar ƙasa, ta taɓon za ta yi ta gudu, ta busasshiyar ƙasar tana tsaye ba ta samun abin kirki. Da kwamfuta ta matse ta taɓon da birki sai ta zama kamar ta samu riƙo, sai ƙarfi ya tafi wa ɗayar, mota ta fita. Kenan akwai kafewar da tirakshin ne yake fitar da kai, in ka kashe shi ka cuci kanka.

Mataki na 3: Ka fahimci abin da ESC yake yi

ESC yana amfani da waɗancan sansoshin na taya, ya ƙara da wasu. Akwai sansa a sandar sitiyari da ke faɗin yawan murɗawar da ka yi, wato inda kake son zuwa. Akwai wata kuma, yawanci a tsakiyar mota, da ke auna yadda jikin motar yake juyawa da yadda ake tura shi gefe, wato inda motar take tafiya a zahiri. Muddin biyun sun yi daidai ba ya cewa komai. Da sun saɓa sai ya shiga.

A ce ka shiga kwanar hagu a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, bayan motar ya fara zamewa yana fita ta dama, hancinta na shigewa ciki fiye da yadda ka nema. ESC zai cafke birkin tayar gaba ta dama, ta wajen kwanar kenan, na ɗan ƙiftawar ido, wannan riƙon ya jawo hancin motar ya dawo. In kuma akasin haka ne, ka murɗa sitiyari amma mota ta ƙi juyawa tana zarcewa gaba, zai rage inji ya matsa birkin tayar baya ta hagu, ta cikin kwanar, don ta taimaka wa motar ta karkata. Kai direba feda ɗaya ta birki gare ka, in ka taka duk huɗun suke kamawa, ba yadda za a yi ka zaɓi taya ɗaya komai ƙwarewarka. Wannan ne ya sa ni ban yarda da maganar masu cewa sun fi kwamfuta iya riƙe mota ba, ba batun iyawa ba ne, kayan aikin ne ba ka da shi a ƙafarka.

Amma yana da iyaka. Ba ya ƙirƙiro riƙon da babu. In tayoyinka sun suɗe, ko ka shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfin hanyar, ko mota ta hau kan ruwa tayoyin sun daina taɓa kwalta, birkin taya ɗaya ba abin da zai kama. Kuma tunda sitiyari yake bi ya san nufinka, in mota ta fara zamewa ka kalli inda kake son zuwa ka nufa can da sitiyarin a natse, kar ka yi ta fizgarsa hagu da dama, duk inda ka nuna masa can zai yi ƙoƙarin kai ka.

Mataki na 4: Ka koyi karanta fitilar

Fitila tana ƙyaftawa kana cikin tafiya, yana aiki ne a wannan lokacin, hanya na da santsi, ka sassauta ƙafa. Wannan ba lalacewa ba ce, na ga mutane sun kai mota gareji saboda wannan kawai. Fitila mai OFF ta kama ta tsaya, an kashe shi da maɓalli, wataƙila gwiwarka ce ta taɓa ko yaro ya danna. Fitilar marar OFF ta kama ta tsaya ba ta ƙyaftawa, akwai matsala kuma tsarin ya ajiye aiki, in ta haɗu da ta ABS to ABS ɗin ma ba ya nan, birkinka na yau da kullum yana aiki amma in ka taka da ƙarfi tayoyi za su iya kullewa. In jar fitilar birki ta shigo cikinsu alhali birkin hannu a sake yake, ka tsaya ka duba man birki kafin ka ƙara ko taku ɗaya.

Mataki na 5: Ka gwada maɓallin tun kana cikin kwanciyar hankali

Kar ranar da ka kafe ta zama ranar da za ka fara neman maɓallin. Ka je filin nan, ka tsaya cak, ka ɗaura bel. Ka bar komai a kunne ka taka totur da ɗan ƙarfi daga tsaye a kan tsakuwa, za ka ga fitila ta ƙyafta, inji ya ja baya, wataƙila ka ji ƙarar famfon. Ka tsaya. Yanzu ka danna maɓallin sau ɗaya ka saki, ka karanta abin da ya fito. A Toyota da yawa dannawa ɗaya tirakshin kaɗai take kashewa, TRAC OFF ya fito, VSC yana nan yana gadi. In ka danne shi kusan daƙiƙa 3 mota na tsaye, duka biyun suke mutuwa, VSC OFF ya ƙaru. A BMW dannawa ɗaya tana kai ka DTC, wanda ke barin taya ta ɗan wulwula amma bai saki motar gaba ɗaya ba, dogon dannawa ne ke kashe DSC. Wasu motocin kuma babu maɓalli sam sai ka shiga cikin allon dashbod ka nemo shi a saiti.

Ka sake takawa kamar ɗazu ka ji bambancin, taya za ta yi ta watsa tsakuwa inji na ihu amma motar ba wani saurin tashi ta ƙara ba. Duk wannan kar ka wuce kilomita 20 zuwa 30, kuma kar ka gwada juya mota da gangan. Abu biyu ka lura da su, ABS ba ya mutuwa da wannan maɓallin, sannan kusan kowace mota tana mayar da komai a kunne in ka kashe inji ka sake tayarwa, wasu kamar Peugeot da dama da kansu suke dawo da shi in ka kai wajen kilomita 50 a awa. A wasu sababbin motoci kuma kashe ESC gaba ɗaya yana tafiya da birkin gaggawa mai kama kansa in za ka yi karo, littafin zai faɗa maka.

Mataki na 6: In ka kafe a yashi ko taɓo

Nan ne ainihin amfanin maɓallin. A kan kwalta taya ta fi riƙo in tana zamewa kaɗan ƙwarai, shi ya sa kwamfuta take hana ta wuce haka. A cikin yashi mai zurfi ko taɓo ko dusar ƙanƙara lissafin ya canza, taya na buƙatar ta ɗan wulwula ta ture abin da ke gabanta, ta kakkaɓe lakar da ta cike zanenta, motar kuma tana buƙatar ta riƙe ɗan gudun da ta samu. Kwamfuta tana ganin wulwulawar sai ta yanke inji a daidai lokacin da kake neman ƙarfin, motar ta mutu a tsakiyar yashin.

Bari in ba ka wanda ya faru da ni a wata mota mai jan gaba, otomatik. Na shiga wani yashi da bai fi tsawon mota huɗu ba, a tsakiya na ji totur ya mutu a ƙafata fitila na ta ƙyaftawa, mota ta tsaya, tayoyin gaba biyu sun nutse kamar faɗin tafin hannu. Ga yadda na bi, kuma haka nake bi har yau.

Da farko na ɗaga ƙafa nan take na fito na duba. Wannan shi ne inda aka fi yin kuskure, mutum ya ji ya tsaya sai ya ƙara takawa, taya ta haƙa rami har cikin motar ya zauna a ƙasa. Na durƙusa na leƙa, akwai sarari tsakanin ƙasan motar da yashi kamar yatsu huɗu, kenan nauyin motar har yanzu a kan tayoyi yake. In ka leƙa ka ga cikin motar ya kwanta a ƙasa, ka manta da maɓalli, ba abin da zai yi maka, sai jak, a ɗaga a cike ramin a saka katako a sauke, kuma kar ka taɓa shigar da jikinka ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Na biyu na duba ko taya ɗaya ce ta rasa riƙo ko duka biyun. Da ɗaya ce a yashi ɗaya a ƙasa mai tauri, da na bar tirakshin a kunne na taka a hankali na riƙe ƙafar a wuri ɗaya na ƴan daƙiƙoƙi, in ba shi lokaci ya matse mai wulwulawar, don in kana takawa kana saki ba ya samun damar yin aikin. A nawa duka biyun ne a ciki, to babu wata tayar da za a tura wa ƙarfi.

Na uku na kwashe yashin gaban tayoyin da bayansu da shebur, duka huɗun, na yi musu gangare mai sauƙi maimakon bango. Na miƙe sitiyari sak, don taya a karkace tura yashi take yi kamar garma. Na rage iskar tayoyin daga PSI 32 zuwa wajen 20 a geji, tayar ta ɗan baje ta ƙara tsawon inda take taka ƙasa. In ba ka da famfon mayar da iska kar ka sauka sosai haka, ka tsaya wajen 25 ka lallaɓa a hankali zuwa inda za a ƙara maka. Sai na cusa shimfiɗun roba a bayan tayoyin gaba, don baya na yi niyyar fita, ta sawun da na riga na danne da shigowata.

Na huɗu sai yanzu na danna maɓallin sau ɗaya, tirakshin ya mutu. Na sa ribas na taka kaɗan, mota ta matsa baya kamar taku ɗaya ta tsaya, na taka birki, na jira tayoyi suka tsaya cak, na sa D na matsa gaba kaɗan, na sake birki, na koma ribas. Kowane zuwa da dawowa hanyar tana ƙara tsawo tana ƙara dannuwa, a karo na huɗu na ji ta hau kan robar, na riƙe totur daidai ban ƙara ba ban rage ba har ta fita kan ƙasa mai ƙarfi. In manuwal ce ka gwada tashi da giya ta biyu don ƙarfin ya zo a tausashe, amma kar ka daɗe kana riƙe da rabin kuloci, in ka ji ƙauri ka tsaya ya huce. Wasu motocin ko ka danna sau ɗaya za ka ji har yanzu suna yanke inji, to a nan ne kaɗai za ka yi dogon dannawa ka kashe duka.

Gargaɗi a nan, kuma da gaske nake. Kar ka canza daga D zuwa R tayoyi na juyawa, giyar otomatik ba ta yafe wannan. Kar ka bar allurar gudu ta wuce wajen 50 kana wuri ɗaya, littattafan motoci da yawa a nan suke sa iyaka, dalili kuwa in taya ɗaya ce ke juyawa ɗayar na tsaye, difaransha tana sa mai juyawar ta yi ninki biyu na abin da allura ke nunawa, allura na 50 tayar na 100, tana zafi tana iya fashewa. Kar kowa ya tsaya a saitin tayar gaba ko baya, katako da duwatsu fitowa suke da ƙarfi. In ka yi ƴan mintuna ba ci gaba ka haƙura a ja ka da igiya, a ɗaura a ƙugiyar jan mota da aka tanada, ba a bamba ko ƙarfen sitiyari ba.

Mataki na 7: Ka mayar da shi da ka fita

Da tayoyi sun hau ƙasa mai ƙarfi ka tsaya, ka danna maɓallin ka ga OFF ya ɓace, in ka rikice ka kashe inji ka sake tayarwa. Ka mayar da iska yadda takardar jikin ƙofar direba ta ce, taya mai iska 20 a kan kwalta da gudu zafi take yi tana lalacewa ta ciki. In taɓo ne ka ɗan taka birki sau biyu uku a hankali ya bushe, ka kuma wanke lakar da ta maƙale a cikin rim, ita ce ke sa sitiyari rawa daga baya.

Mataki na 8: Sauran wuraren da kashewa ke da amfani

Ba su da yawa. Tashi daga tsaye a hawa mai tsakuwa ko yashi inda kwamfuta ke ta yanke inji har motar ta kasa motsi, tirakshin kaɗai, ka haye ka mayar. Doguwar hanyar rairayi mai laushi a mota mai jan ƙafa huɗu, inda motar ke ɗan yawo hagu da dama ESC yana ta kama birki yana cinye maka gudu, amma in motar tana da saitin yashi ko taɓo a maɓallinta shi ya fi, an riga an sassauta tsarin daidai wurin. In an ɗaura wa taya sarƙa a dusar ƙanƙara, wasu littattafan sun ce a kashe tirakshin. In an ɗora mota a kan na'urar gwaji mai rola wadda tayoyi biyu ke juyawa biyu na tsaye, dole a kashe don kwamfuta za ta ɗauka zamewa ce. Sai filin tsere da aka killace, a hannun wanda aka koya wa.

Ruwan sama ba ya cikinsu, nan ne ma aka fi buƙatarsa. Ba ya shan mai, don in taya ba ta zame ba zaune kawai yake yana kallo, kuma kashe shi ba ya ƙara wa inji ko doki ɗaya.

Mataki na 9: In yana shiga ba dalili, ko fitila ta ƙi mutuwa

Nan ne wasu suke koyon ɗabi'ar kashewa kullum, alhali gyara abin yake nema. Ka fara da taya. A ce motarka 205/55 R16 take sawa, aka saka maka 215/60 R16 guda biyu a baya. Ta farko tsayinta wajen milimita 632 ne, ta biyu wajen 664, bambancin kusan kashi 5 cikin ɗari. Kana tafiya a miƙe a busasshiyar kwalta tayoyin gaba suna juyawa fiye da na baya da wannan kason, kwamfuta tana ganin kamar kullum a bakin zamewa suke, ƙaramar kwana ko ɗan totur sai ta shiga. Ƙaramar sifiya ta wucin gadi ma tana iya jawo haka, da taya ɗaya mai ƙarancin iska sosai. Ka karanta lambobin gefen tayoyin huɗu ka auna iskarsu kafin ka kashe ko sisi.

In taya lafiya, ka tuna aikin da aka yi wa motar kwanan nan. An yi alaimin ko an taɓa sitiyari, to in sitiyarin ya karkace alhali mota na tafiya a miƙe, sansar tana gaya wa kwamfuta kana kwana, sai a gyara a sake saita mata sifili da sikana. An canza boris na taya, wasu boris ɗin zoben maganaɗisun da sansa ke karantawa a gefe ɗaya yake, in aka juya shi fitila za ta kama tun a tafiyar farko. Batiri mai rauni yana kunna fitilun nan, haka ƙaramin makunnin fitilar birki da ke saman feda. A Toyota da yawa ma in fitilar inji ta kama takan jawo ta VSC su taho tare, a nan matsalar injin za ka gyara, ita ta VSC za ta bi ta.

In duk ba wannan ba, ka jona sikana ka buɗe inda take nuna saurin tayoyi huɗu kai tsaye, wani ya tuƙa a hankali a miƙe kai kana kallo. Huɗun ya kamata su tafi tare, in uku na nuna 20 ɗaya tana nuna 0 ko tana tsalle tana faɗuwa, ka sami ƙafar da ke da matsala. Kafin ka sayi sabuwar sansa ka cire tayar ka bi wayar da hannu tun daga bayan birki har inda ta shige jikin mota, sau da yawa a inda take lanƙwasa in an murɗa sitiyari take tsinkewa ta ciki, ko soket ɗin ya sha ruwa, ko kan sansar ya tara garin ƙarfe da laka. Ka goge, ka mayar, ka share lambar matsalar, ka sake tafiya ka duba ko huɗun sun daidaita. In ba ka da sikana ka nemi bakaniken da ke da ita ka ce ya nuna maka lambobin nan huɗu a allo kafin ya cire komai.